"Kowane Irin Aiki": Kalmomi Uku da Ke Kashe Sanarwar Mai Digiri

Da daddare, bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya turo mini saƙo a waya, ya ce in taimaka in tura wa mutanen da na sani. Wata biyu ke nan da dawowarsa Kano daga bautar ƙasa. Alawus ɗin naira 77,000 da ake ba su duk wata ya tsaya, zaman gida kuma ya fara cin ransa. Ga abin da ya rubuta:

"Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don girman Allah ku taimaka mini. Na gama digiri, na gama bautar ƙasa, amma har yanzu ina zaune ba aikin yi. Ina neman kowane irin aiki, ko nawa ne albashin zan karɓa. Ni mutum ne mai ƙwazo da gaskiya da riƙon amana. Duk wanda ya taimaka mini Allah ya taimake shi. Don Allah a yaɗa."

Na karanta sau biyu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, don na san yaron tun yana goye, kuma amanar da ya faɗa yana da ita. Amma ban tura wa kowa ba. Na zauna da wayar a hannu ina tunanin wa zan tura wa, sai na ga ban sani ba. Ina da aboki mai kantin sayar da kayan masarufi a sari a Kasuwar Singa, ina da wani mai makarantar kuɗi, ina da wani da ke kula da sito a wata masana'anta a Sharaɗa. Ko wanne na tura wa, tambayar farko da zai yi mini ita ce, "Me ya karanta? Me ya iya?" Saƙon kuwa, duk tsawonsa, bai faɗi ko ɗaya ba. Yaron da ya yi shekara huɗu yana karatun akanta a Jami'ar Bayero ya rubuta sanarwar neman aiki, kalmar akanta ba ta fito a ciki ba.

Abin da masu sabon digiri ba su cika lura da shi ba shi ne, irin wannan sanarwa ba kasafai take faɗawa hannun mai ɗaukar aiki kai tsaye ba. Tana fara biyawa ta hannun kawu, ko tsohon malami, ko maƙwabci, ko abokin uba. Shi wannan na tsakiya ba shi da aikin da zai bayar. Abin da yake da shi kawai shi ne ya san wani. In ya haɗu da wannan wanin a wurin ɗaurin aure ko a ƙofar masallaci, minti ɗaya gare shi, kuma yana bukatar jimlar da zai faɗa da numfashi guda: "Akwai wani yaro namu, akanta ya karanta, ya riƙe lissafin makaranta shekara guda, yana neman wuri a Kano." In sanarwar ba ta ba shi wannan jimla ba, abin da zai iya cewa kawai shi ne, "Akwai wani yaro namu da ba shi da aiki." Wanda aka gaya wa kuwa yana da irin wannan yaro a gidansa, wataƙila ma biyu.

Washegari na kira shi ya zo. Na ce, "Ɗana, ka taɓa ganin mai tallar gyaɗa tana yawo tana cewa a taimaka mata ba su ci abinci ba a gida?" Ya yi dariya. Mai talla sunan hajarta take kira, ko da kuwa gaskiya ne ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Da zarar ta fara kiran yunwarta a maimakon gyaɗarta, ta tashi daga talla ta koma bara, mutane kuma za su amsa mata da irin amsar da ake ba mai bara: ko a ba ta sadaka, ko a ce Allah ya ba da haƙuri. Saƙon ɗan yayata ya ɗauko sigar bara tun daga "don girman Allah" har zuwa addu'ar da ya rufe da ita. Ba laifinsa ba ne. Haka muka taso muna neman abu a wurin manya, da ƙanƙan da kai da haɗawa da Allah, kuma a wurin neman gafara ko neman rance wannan sigar daidai take. Neman aiki ciniki ne. Wani yana da matsalar da yake so a ɗauke masa, kai kuma kana da abin da zai ɗauke ta.

Mafi munin abin da ke cikin saƙon shi ne "kowane irin aiki". Mai rubutawa yana ganin ya buɗe ƙofofi da yawa ne, ya nuna ba shi da girman kai. Mai karantawa kuwa abu biyu yake ji. Na farko, wannan bai san abin da ya iya ba, don haka ni ne zan zauna in gano masa, kuma ba ni da wannan lokaci. Na biyu, wannan da zarar ya sami abin da ya fi, zai tafi, tunda ba aikin nan yake so ba, mafaka yake nema. Shi kuwa "ko nawa ne albashin zan karɓa" ya gama ciniki tun ba a fara ba. Ɗan kasuwar da ya ji ka ce haka ba zai taya ka da daraja ba, kuma ba mugunta ba ce, kai ne ka yi wa kanka kuɗi.

Sai ya kawo uzurin da na san zai kawo. Ya ce, "Kawu, ai yabon kai jahilci. Kuma ni ban taɓa aiki ba, me zan rubuta?"

Karin maganar gaskiya ce, amma shi ne ya karya ta ba tare da ya sani ba. "Mai ƙwazo, mai gaskiya, mai riƙon amana", wannan shi ne ainihin yabon kai, domin hukunci ne mutum ya yanke wa kansa, ba wanda zai iya bincikawa, kuma ɓarawo ma haka zai rubuta. Amma wanda ya ce "na riƙe lissafin kuɗin makaranta na ɗalibai wajen 400 har zango uku" bai yabi kansa ba. Labari ya bayar, mai adadi, mai wuri, mai shaida. Amanar tana ciki ba tare da an kira sunanta ba, don ba a barin littafin kuɗi zango uku a hannun wanda ba a yarda da shi ba. Kunyar da aka raine mu da ita ba ta hana mutum faɗin abin da ya faru. Abin da take hanawa shi ne ya ɗora wa kansa rawani.

Batun "ban taɓa aiki ba" kuwa, sai na ɗauko takarda na fara yi masa tambayoyi, kamar mai ɗaukar bayani a ofishin 'yan sanda. A shekarar da ya yi ta bautar ƙasa, ina aka tura shi? Wata makarantar sakandare mai zaman kanta. Me ya yi a can? Ya koyar da lissafin kuɗi a aji huɗu da aji biyar. Shi ke nan? Sai ya ce, a'a, da mai kula da kuɗin makarantar ya ga ya iya kwamfuta, sai ya sakar masa rubuta kuɗin makaranta. Ya kwashe abin da ke cikin babban littafi ya zuba a Excel, kowane ɗalibi da layinsa: suna, aji, abin da ake bin sa, abin da ya biya, lambar rasit. A ƙarshen kowane wata yana ɗauko takardar bayanin asusu daga banki ya gwada ta da abin da ke rubuce, layi bayan layi. A wata na biyu ya ga lissafi ya ƙi haɗuwa, kuɗin banki ya gaza na littafi da 'yan dubbai. Ya kwana biyu yana bi kafin ya gano ba sata ba ce. Ɗan abin da banki ke cirewa a kan kowane biya da aka yi da kati ne ba a taɓa rubutawa a littafi ba, sai kuma wani uba ɗaya da aka ba rasit biyu a kan biya ɗaya.

Na ajiye biro na dube shi. Wannan aikin da ya yi, na daidaita littafin kuɗi da takardar banki, shi ne ainihin abin da ake ɗaukar ƙaramin akanta ya yi a kowane kamfani. Ya yi shi wata tara, kuma bai ƙirga shi a matsayin aiki ba, don ba da shi aka rubuta masa takardar turawa ba.

Da muka ci gaba da tono, sai ga wani. Duk hutun jami'a yana zama a shagon ƙanen mahaifinsa, shi ne ke riƙe littafin bashi kuma shi ke ƙidayar kaya a sito duk ƙarshen mako. Kusan kowane mai sabon digiri yana da irin waɗannan a ɓoye. Akwai shekarar bautar ƙasa, wadda tun 1973 ake tura masu digiri. Akwai watannin koyon aiki a masana'anta ko ofis da ɗaliban kimiyya da injiniya da noma da wasu fannoni ke yi kafin su gama. Akwai aikin bincike na shekarar ƙarshe, in dai mutum da kansa ya fita ya tattara bayanai ba saya ya yi ba. Akwai ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, da mai koyar da yara darasin yamma, da mai taya uwa lissafin adashi. Tambayar da ke fito da su ita ce: wane abu ne aka taɓa sakar maka, ka yi shi daga farko har ƙarshe, kuma akwai mai rai da zai ce haka aka yi?

Daga nan muka sake rubutawa. Ya yi ta gogewa har sau huɗu kafin mu tsaya a kan wannan:

"Assalamu alaikum. Sunana wane. Na karanta akanta a Jami'ar Bayero, Kano, na kuma kammala bautar ƙasa a bana. Ina neman aikin ƙaramin akanta ko mai kula da lissafin sito, a Kano ko kewaye.

A shekarar bautar ƙasa na riƙe lissafin kuɗin makaranta na ɗalibai wajen 400 har zango uku, na mai da shi daga littafi zuwa Excel, kuma ina daidaita shi da takardar banki duk wata. Kafin nan na yi hutu uku ina riƙe littafin bashi da ƙidayar kaya a wani shagon sari. Ina aiki da Hausa da Turanci.

A shirye nake in fara nan take. Shugaban makarantar da na yi wa aiki ya yarda a tuntuɓe shi. Wanda ya san inda ake bukatar irin wannan, zan ji daɗi ya sanar da ni ko ya tura musu. Na gode."

Sai lambar waya guda ɗaya a ƙasa. Duka bai kai kalma 130 ba, kuma ana iya karanta shi a fuskar waya ba tare da an ja ƙasa sosai ba.

A lura da abin da ya zo farko. Fanni da irin aikin da ake nema suna cikin layi uku na sama, domin yawancin mutane iyakar abin da za su karanta ke nan kafin su yanke shawarar turawa ko wucewa. Ya ambaci aiki iri biyu, kuma biyun 'yan gida ɗaya ne. Da ya ce akanta ko koyarwa ko tuƙi ko gadi, da ya koma "kowane irin aiki" ta ƙofar baya. In mutum da gaske yana son hanya biyu mabambanta, a ce akanta da koyarwa, gara ya rubuta sanarwa biyu, kowacce ta tafi wurin mutanenta. Ya kuma faɗi gari. Wannan ƙaramin abu yana rage ɓata lokaci ƙwarai, don wanda ke da gurbi a Fatakwal ya san ba shi ake nufi ba, in kuwa mai nema zai iya tafiya ko'ina, sai ya faɗa a fili.

Sallamar tana nan, godiyar tana nan. Ban ce a cire ladabi ba, kuma ba na goyon bayan masu kwaikwayon sanarwar da ba gaisuwa ba sallama, wai don su nuna wayewa. Dattijon da za ka roƙa ya tura maka saƙo yana so ya ga tarbiyya. Abin da aka cire shi ne magiya. Roƙon ma yana nan, amma ya koma ƙarami, wanda kowa zai iya biya: in ka san wuri, ka faɗa, ko ka tura. "Ku taimaka mini" kuwa kaya ne mai nauyi da ba a san bakinsa ba, shi ya sa mutane ke kauce masa, har da masu ƙaunarka.

Mun yi gardama a kan abu biyu. Yana so ya sa darajar digirinsa, ni kuma na ce ya danganta. Wanda ya fita da daraja ta ɗaya, ko ta biyu mai girma, ya sa, don akwai bankuna da manyan kamfanoni da ke tace masu nema da ita. Wanda ya fita da ƙasa da haka kada ya yi ƙarya, kada kuma ya ba da haƙuri a kai. Ya bar ta a cikin cikakkiyar takardar bayaninsa, ya bar aikin da ya yi ya shige gaba. Na biyu, yana so ya rubuta cewa yana shirin fara jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci da aka kafa a 1965. Na tambaye shi ko ya yi rajista. Ya ce tukuna. Na ce to, a bari sai ya yi. Niyya ba ta shiga sanarwa, don kowa yana da ita.

Wannan ya kai mu ga iyakar dabarar, wadda dole a faɗa. Duk abin da ka rubuta ka iya, ka ɗauka za a zaunar da kai a ce yi mu gani. Yaron ya so ya jera QuickBooks da Sage, don ya ga abokansa suna jerawa. Na ce ya taɓa shigar da cinikin wata guda a ɗayansu? Ya ce ya dai kalli yadda ake yi. Muka cire. Excel ɗin da muka bari ma na gwada shi. Na ce a ce aji yana layin B, kuɗin da aka biya yana layin D, ta yaya zai fitar da jimlar abin da 'yan aji ɗaya suka biya? Ya karɓi birona ya rubuta:

```
=SUMIF(B:B,"JSS1",D:D)
```

Wanda zai iya wannan ba tare da ya duba ko'ina ba yana da haƙƙin ya ce yana aiki da Excel. Wanda iyakarsa ya buɗe ya rubuta sunaye, gara ya yi mako biyu yana koyo kafin ya rubuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan ba kai kaɗai za ka faɗa ba, har da kawun da ya tsaya maka. Gwaninta biyu da za ka iya karewa sun fi goma da za su watse a tambaya ta farko.

Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga ko kaɗan. Hoton takardar shaidar digiri, lambar NIN, lambar BVN, adireshin gida, duk a bar su, domin sanarwa in ta bar hannunka ba ka san inda za ta kwana ba. Sirrin wanda ka yi wa aiki ma haka. Yaron ya faɗi yawan ɗalibai, amma bai faɗi nawa makarantar ke samu ba, bai kuma ba da labarin rasit biyun nan da sunan makaranta ba. Mai neman akanta yana lura da wannan: wanda ya baza lissafin tsohon maigidansa a waya, gobe nasa zai baza. Kuma kafin ka ce wane ya yarda a tuntuɓe shi, ka kira shi ka nemi izini. Mun kira shugaban makarantar a gabana, ya amsa da murna.

Yadda za ka gane ko sanarwarka ta yi aiki ba wuya, amsoshin za ka duba. In abin da ke dawowa duk "Allah ya kawo mafita" ne da "Allah ya buɗa", an karanta ta a matsayin kuka, an kuma yi maka jaje. Addu'a abin so ce, amma ba ita ka fita nema ba. In kuwa aka fara tambayarka, "Za ka iya zuwa Bompai kullum?" ko "Ka taɓa lissafin albashi?", to an karanta ta a matsayin haja, ana tayawa. Akwai amsa iri na uku da sanarwar magiya ta fi jawowa: wanda zai kira ya ce akwai gurbi a wata ma'aikatar gwamnati, amma sai ka turo kuɗin fom ko na "gyara suna". Masu wannan sana'a warin matsuwa suke bi, kuma "ko nawa ne zan karɓa" yana gaya musu cewa ga wanda zai iya cin bashi ya biya.

Yawan turawa ma yana magana. Saƙo ɗaya da ake sake watsawa kowace safiya, da manyan baƙaƙe da alamun kuka, yana nuna matsuwa ko da kalmominsa masu kyau ne. Na ce masa ya zaɓi mutum goma sha biyar da suka san shi, ya tura wa kowa shi kaɗai, da gaisuwar da ta dace da shi a sama. Bayan wata guda, in zai sake turawa, ya zo da sabon abu, kamar ya yi rajistar jarrabawar nan ko ya koyi lissafin albashi. Ya kuma yi ta Turanci don ofisoshi da kamfanoni, ya ba wani ya duba masa rubutun, domin akanta da ya yi kuskure a layi shida ba zai sa a saki jiki da shi a kan shafi sittin ba.

Na tura wa abokaina uku a daren. Mai makaranta ya ce ba gurbi sai sabon zango. Na Sharaɗa bai amsa ba har yau. Na Kasuwar Singa ya kira ni bayan kwana huɗu, ya ce ba shi ne ke bukata ba, maƙwabcinsa ne a kasuwa, wanda yaron shagonsa ya tafi ya bar masa littafin bashi a hargitse. Ya ce, "Wannan da ya ce ya riƙe littafin bashi, turo shi ranar Asabar." Yaron ya je. Alhajin bai tambaye shi takarda ko ɗaya ba. Ya miƙa masa littattafai uku masu maiƙo da buhun rasit, ya nuna masa benci, ya ce ya gaya masa nawa ake bin mutanen Haɗeja kafin la'asar.